Azarar zauren kakanmu ta fara cinyewa: wa ya taɓa gyara ba tare da ya cire ta ba?

Bello, Gidadawa: Assalamu alaikum. Zauren gidanmu na ƙasa ne, rufin azarar giginya, tun kakanmu yana nan. Bayan ruwan Agustan bana rufin ya ɗan zauna ta gefen gabas, ƙasa na zubowa kan tabarma. Na hau tsani na soka wuƙa a kan azara biyar, daidai inda suka shiga bango, sai ta nutse kamar cikin dafaffen rogo. Tsakiyarsu kuwa ko alama wuƙar ba ta yi. Ba ni son a yaye rufin nan. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Aminu, Mabera: Gara ce, Malam Bello. Ka samu baƙin mai wajen masu juyen man mota ka shafe su duka. Haka na yi wa katakon shagona, shekara uku ke nan shiru.

Baba Magini: Waalaikumus salam. Aminu, katakon shago daban, azarar da ke kwance cikin laka daban. Baƙin mai saman itace yake tsayawa, ba ya kai wa inda ɓarnar take, kuma ya baƙanta yaɓen zaure.

Bello ɗana, abin da ka faɗa ya fi kama da ruɓa. Gara tana barin hanyarta ta ƙasa a jikin bango, ta cinye cikin azara ta cika shi da laka, ta bar maka ɓawo. In ka ƙwanƙwasa za ka ji amo kamar na ƙwarya. Ruɓaɓɓiya kuwa laushi take yi, tana warin danshi, ka murje ta da yatsa. Sau da yawa tare suke zuwa, don danshi shi ke kiran gara. Kafin komai, hau sama ka duba indararon gabas.

Bello: Na duba, Baba. Ya toshe da ganyen dogon yaro, kuma gindinsa ya tsage. Can baya wani ya liƙe wurin da siminti.

Baba Magini: To ga ɓarawon nan. Siminti ba ya kama laka, sai ya rabu da ita ya bar kafa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar bushewa.

Kada ka taɓa komai sai ruwa ya ɗauke sarai. Yanzu dai a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin azarun biyar, a tokare shi da itace biyu, kowanne a kan falle ɗaya na katako don kada ya nutse a daɓe. In hunturu ya shigo, a buɗe rufin ta sama, wannan gefen kaɗai, a tone bango har kawunan su fito fili, a bar su su sha iska mako biyu. Sannan a yanke ruɓaɓɓen kai har a iske baƙin itace mai tauri.

Tsohuwar ta gajarce ke nan, ba ta kai bango. Sai a dasa gajerun sababbi a ƙarƙashinta, hawa biyu, na sama ya ɗara na ƙasa fitowa, ta kwanta a kansu a ɗaure tam. Abin da ke cikin bango ya fi abin da ya fito tsawo, in ba haka ba nauyi zai ɗaga shi. Ka nemi ta namijin giginya, a fafe farin cikin nan mai laushi, shi gara ke so. A barbaɗa toka kafin a mayar da ƙasa. Ni a hannuna, in cin ya wuce kamu ɗaya, ko ya kai tsakiya, sai na kwantar da sabuwa cikakkiya kusa da ita ta ɗauki kaya, tsohuwar ta zauna a wurinta.

Hajiya Inno: Ni ɗakina wani gari ne mai laushi ke zubowa kan gado, ga 'yan ramuka kamar na allura a jikin itacen. Shi ma indararon ne, Baba?

Baba Magini: A'a Hajiya, wannan ƙwaro ne mai huda. Ki share, ki shimfiɗa farin ƙyalle kwana uku. In sabon gari ya sauka yana nan da rai.

Sani, Runjin Sambo: Mu da muka buɗe namu, ƙasar da ke sama ta kusa kai gwiwa, don kowace shekara ƙara yaɓe ake yi, ba a kankare tsohon. Mun rage kusan rabi, muka shimfiɗa leda kafin mu mayar. Damina biyu babu ɗigo.

Baba Magini: Rage ƙasar ka yi daidai. Ledar ce ban yarda da ita ba. Ran da ta huje, ruwan zai kwanta a kan azara ba ka sani ba.

Sani: Mu dai har yanzu lafiya, Baba.

Bello: Na gode. An tokare jiya da la'asar, na kuma fasa simintin. Sai dai ta shida, da na ƙwanƙwasa tsakiyarta, na ji amon ƙwaryar nan.