Idan Play Store ya tsaya a kan "En attente"

Masu gyaran waya a Garwa da Marwa sun tattauna matsalar manhajar da ta ƙi sauka daga Play Store, kuma bakinsu ya zo ɗaya: kada a yi saurin zargin layin MTN ko Orange. Sau da yawa Play Store ɗin ne aka saita ya jira Wi-Fi, mai wayar kuwa data kawai gare shi. A taɓa hoton asusu a sama, a shiga `Paramètres`, sai `Préférences réseau`, a mayar da zaɓin saukarwa ya yarda da kowace hanya. Nan take wasu ke fara sauka.

In bai motsa ba, a duba ko wasu manhajoji na sabunta kansu, domin sabuwar tana bin layi ne a bayansu. A dakatar da su. Sai ma'ajiya: waya mai giga 16 da bidiyon WhatsApp ya cika ba ta da wurin buɗe fayil, ko da manhajar mega 50 ce, don girkawa na cin fiye da girman da aka rubuta. A samar da kamar giga ɗaya. Kwanan wata da ya karkace bayan batir ya mutu ma yana hana haɗuwa da Google, a mayar da shi na atomatik. Daga ƙarshe a shiga `Applications` a saitin waya, a zaɓi Play Store, a shiga `Stockage`, a danna `Vider le cache`.

Saƙon da ke cewa wayar ba ta dace da manhajar ba kuwa wani ciwo ne daban, share-share ba ya maganinsa. Galibi Android ɗin ya tsufa, ko ƙaramar waya ce mai Android Go. A nemi sabuntawa a saitin waya. In babu, a ɗauki sigar Lite, kamar Facebook Lite. An ja kunne sosai kan karɓar APK ta Xender, musamman manhajar kuɗi, don ana iya cusa mata abin satar lambar sirri.