Na raba profile a Netflix, amma cakuɗewar ba ta tafi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako. Kusan shekara 2 mu biyar muna kallon Netflix da profile ɗaya, har finafinan Indiya na maiɗakina da katun ɗin yara suka mamaye shafin. Makon jiya na shiga Manage Profiles na buɗe wa kowa nasa, na yara na sa masa Kids, tsohon na riƙe.

To nawa har yanzu katun yake kawo min. Na ɓoye da dama a Viewing Activity, kwana 3 ke nan, canjin kaɗan ne. Ga autarmu, da ta ɗauki rimot hotona take dannawa.

Don Allah, in ci gaba da ɓoyewa ko in buɗe sabo in rasa My List ɗina? Kuma Profile Lock zai hana ta shiga a talabijin?