Ranar ɗaurin aure ba ta tsaya ba, in danna Rasterize ko in bari?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Katin ɗaurin aure nake haɗawa a Photoshop, amma iyaye ba su gama tsayar da rana ba. Na je sa wa sunan ango Gaussian Blur, sai ya ce in zaɓi Rasterize ko Convert To Smart Object. Wanne zan danna? Kuma ina son hular ango ta rufe gefen sunan.

Mai Korel: Ka koma CorelDRAW ka huta.

Yaya Babba: Ƙanena, kada ka taɓa Rasterize. Kana danna shi rubutun ya zama hoto, ko harafi ɗaya ba ka iya canzawa. Zaɓi na biyun. Rubutun yana nan da ransa a ciki, dishi-dishin kuma ya zauna ƙarƙashin leyar a matsayin Smart Filter. In rana ta canza, danna ɗan hoton leyar sau biyu, fayil na .psb zai buɗe, ka gyara, ka danna Ctrl+S, ka dawo. Batun hula kuwa, ajiye Eraser. Sa Layer Mask ka shafa baƙi inda kake son ɓoyewa, fari ya dawo da shi.

Baduriya: Wallahi ni ta ci ni. Fostar saukar Alƙur'ani na yi, sunayen ɗalibai 43. Kwamfuta ta yi nauyi, na danna Flatten Image, na adana a kan fayil ɗin, na rufe. Washegari malam ya ce sunaye shida ba daidai ba. Na buɗe, leya ɗaya tal, History fayau. Kwana na yi ina sake bugawa, ko sisi ba a ƙara min ba, har aka ce ni na ɓata.

Mai Korel: Ai gyara naira 500 ne.

Baduriya: A ina? Nan Daura kyauta ake so.

Na Kofar Soro: Ni 2,000 nake karɓa. In sunan amarya ne aka canza gaba ɗaya, 5,000, har da kuɗin jaje. Ɗan'uwa, ka yi Ctrl+J kawai ka gwada a kan kwafin.

Yaya Babba: A leyar rubutu zalla, haka ne. Amma kwafin Smart Object da Ctrl+J cikinsu ɗaya, ka gyara wannan wancan ma ya canza. New Smart Object via Copy ne ke raba su.

Na Kofar Soro: Yaya, shekara tara ina wannan sana'a.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gwada. Da na ƙara "Alhaji" sai ƙarshen sunan ya yanke.

Yaya Babba: Filin cikin ne ya yi kaɗan. Danna Image > Reveal All kafin ka adana.

Baduriya: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya yanzu, salon rubutu masu kyau ba su da ƙ da ɗ. In buga Ƙofar Guga, sai ƙ ɗin ta fito da wani salo daban. Da hannu kuke zana lanƙwasar?