Kuɗina sun ƙaru a banki, amma sun kasa yi mini rufin ɗaki

Tambaya daga wani tsohon malamin makaranta a Rigasa:

Assalamu alaikum. A Janairun 2024 na ajiye naira miliyan 2 daga giratutina a wani ƙaramin banki na tsawon shekara guda, a kan ƙarin kashi 20 cikin 100. Wa'adi ya cika an ba ni 2,360,000, amma da na je sayen kwano da katako sai na tarar ba za su yi mini rufin da miliyan 2 za ta yi bara ba. Cutata aka yi, kuma in sake ajiyewa ko in fasa?

Wani matashi daga Kawo:

Baba, kashi 20 na miliyan 2 ai 400,000 ne, saboda haka akwai 40,000 da suka yi ɓatan dabo. Ina ganin ka koma wurin manaja ka nemi bayani a rubuce.

Wata ma'aikaciyar lissafi daga Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Baba. Waɗannan 40,000 harajin kashi 10 cikin 100 ne da ake cirewa daga kuɗin ruwa tun kafin su shiga hannun mai ajiya, don haka ƙarin da ka samu kashi 18 ne. Babbar asarar a kasuwa ta faru. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato kayan da naira 100 ta saya a ƙarshen 2023 sai da naira 134 da kwabo 80 bayan shekara guda. Ke nan domin ka sayi abin da miliyan 2 ɗinka take saya a ranar da ka ajiye ta, sai ka riƙe 2,696,000, alhali abin da ke hannunka ya gaza haka da 336,000.

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada:

Lissafin mai sauƙi ne, a cire 34.8 daga 18, a ga Baba ya yi asarar kusan kashi 17. Ni shi ya sa ba na barin kuɗi su kwana a banki, da kaka nake sayen masara in jibge a sito.

Ma'aikaciyar lissafi:

Alhaji, ɗebewar tana kusa da daidai idan alƙaluman ƙanana ne, amma idan hauhawa ta haura kashi 30 tana zuzuta asarar. Rabawa ake yi: a raba 1.18 da 1.348, a samu kimanin 0.875, wanda ke nufin kowace naira 100 da Baba ya ajiye ta dawo da ƙarfin naira 87 da rabi. Asararsa ta haƙiƙa kashi 12.5 ce, kuma 2,360,000 ɗin nan daidai suke da kusan 1,750,000 a farashin bara. Amma a yi wa ajiyar adalci, domin da a akwati ya bar kuɗin, da ƙarfinsu ya sauka zuwa kimanin 1,484,000.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a batun Baba. Alƙaluman hukuma matsakaici ne na abinci, haya, sufuri da sauransu, shi kuwa kwano da katako yake bukata, kuma farashin kwano yana bin canjin dala. Ma'auninka na gaskiya, Baba, shi ne takardar ƙiyasin da kafinta ya rubuta maka bara da wadda zai rubuta yau. Idan ta tashi fiye da kashi 18, ajiyar ba ta kare ka ba, ko me hukuma ta ce. Shawarata, tunda rufi ne niyyarka, ka sayi kwanon da kuɗin za su iya saya yanzu ka adana shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

Wata Hajiya daga Malali:

Ni ban mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, sukuk na gwamnati na saya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, kuma na ji an ce hauhawar ta sauko zuwa kashi 24.48 a Janairun 2025. Ashe ke nan mu mun tsira?

Ma'aikaciyar lissafi:

Hajiya, lissafin ɗaya ne ga ladar sukuk ko ribar mudaraba, wato jarin da ake ba wani ya juya a raba riba, domin duk da naira ake biya. Saukar da kika ji kuwa ta zo ne bayan hukumar ta sabunta shekarar da take gwaji da ita da nauyin kayan da take lissafawa, kuma ko a kashi 24 ɗin, farashi hawa yake yi. Mai ajiya yau yana sa hannu a kan ƙarin da ya sani, amma hauhawar watanni 12 masu zuwa hasashe ce, shi ya sa ba zan iya ce wa Baba kashi 20 zai wadatar bana ba.

Ɗan kasuwa:

Na karɓi gyaran lissafi, amma har yanzu ina kan masara, ko da yake sai an cire kuɗin sito, maganin ƙwari da dako, kuma akwai shekarar da farashi yake karyewa kafin bazara. Baba, ka turo mana ƙiyasin kafinta na bara da na bana mu lissafa tare.