Neman shawara: sufabaizana ya ce bincikena ba kohot ba ne

Ɗalibar ajin ƙarshe: Assalamu alaikum. Ina karatun lafiyar al'umma, kuma saura wata huɗu in yi difens. Na zaɓi yin furojet a kan jijjigar masu ciki ne saboda yayata ta rasu da ita shekara biyu da suka wuce, kuma ba ta taɓa zuwa awo ba. Ina so in nuna cewa rashin zuwa awo yana ƙara haɗarin kamuwa. Na rubuta cewa binciken kohot zan yi, na lissafa mata 384, na ci bashi na buga takardun tambayoyi, da niyyar in raba wa masu jego a ɗakin rigakafin yara. Jiya sufabaizana ya ja layi da jan biro, ya ce wannan kuros-sekshinal ne, kuma ba zai amsa tambayata ba, sannan ya yi tafiya. Don Allah ina kuskuren yake, kuma wanne zan ɗauka?

Malami mai ritaya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayarki. 'Yata, sufabaizanki yana da gaskiya, domin ba sunan da kika rubuta a bango ake dubawa ba, inda kika faro zaɓen mutane ake dubawa. Ke za ki tarar da mata sau ɗaya, ki tambaye su awo da jijjiga a zama guda, ki sallame su. Wannan hoto ne aka ɗauka a rana ɗaya, kuma shi ne kuros-sekshinal. Da kohot ne, da kin ɗauki masu ciki tun cutar ba ta taɓa kowa ba, kin raba su gida biyu, masu zuwa awo da marasa zuwa, kin bi su har su haihu, sannan kin ƙirga waɗanda suka kamu a kowane gida. Wadda take da cikin wata uku yau ba za ta haihu kafin difens ɗinki ba.

Ita ma 384 ɗin na san daga inda ta fito: `n = z²p(1-p)/d²`, aka sa z da 1.96, p da 0.5, d da 0.05. Lissafi ne na auna yawan abu a cikin jama'a, ba na kwatanta rukuni biyu ba. A ƙaddara mace 1 cikin 100 ce take kamuwa, to cikin matanki kusan 4 za ki samu, kuma babu hukuncin da ake yankewa da mutum huɗu. Abin da ya fi wannan muni shi ne, wadda cutar ta yi ajalinta ba za ta zo ɗakin rigakafi ta cika miki takarda ba. Cuta mai ƙarancin aukuwa, ga lokaci ƙanƙane, kes-kwantirol ake yi mata, wato a fara da waɗanda suka riga suka kamu, a kwatanta su da waɗanda ba su kamu ba.

Ungozoma daga Gusau: Ƙanwata, ni ina ganin ba sai kin bi kowa ba. Akwai kohot na waiwaye, wanda ake ɗauko tsofaffin rajista a bi mata a kan takarda. Ki je asibiti ki ɗauko rajistar awo ta shekara uku, ki duba yadda kowacce ta ƙare, cikin sati biyu kin gama.

Malami mai ritaya: Hajiya, hanyar da kika faɗa tana nan, kuma tana aiki a wasu tambayoyin, misali kwatanta masu cikin fari da waɗanda suka taɓa haihuwa. Amma matar da ba ta zuwa awo ba ta cikin rajistar awo, alhali ita ce rabin tambayar yarinyar nan.

Wani da ya gama bara: Ai ko da suna ciki, wa zai ba ta fayil? Ni sai da na yi wata uku ina jiran izinin kwamitin ɗa'a, da na shiga ɗakin ajiyar takardu kuma na tarar ruwan sama ya ci kusan rabin fayilolin da nake nema, sauran babu awon jini a ciki. 'Yar'uwa, ki canza taken ya koma auna sanin mata game da alamomin cutar da yadda suke zuwa awo. Takardunki ba su yi asara ba, 384 ɗinki ta dace, ki karɓi digirinki ki huta. Babu mai karanta furojet bayan difens.

Malami mai ritaya: Wannan furojet ne ingantacce, ban raina shi ba, sai dai wata tambaya daban yake amsawa. Bari in nuna mata yadda nata zai kasance, da alƙaluman da na ƙirƙira don misali kawai. Ki samo mata 60 da likita ya tabbatar sun yi jijjiga, da mata 120 da suka haihu a lokaci guda ba su yi ba, sannan ki waiwaya ki duba awonsu. A ce cikin 60 ɗin, 42 ba su je ba, 18 sun je. Cikin 120 kuma 48 ba su je ba, 72 sun je. Sai ki fitar da ods reshiyo, wato ma'aunin ƙarfin alaƙar rashin zuwa awo da cutar, inda 1 ke nufin babu alaƙa: `(42 × 72) / (18 × 48) = 3.5`. Da irin wannan tsari Richard Doll da Austin Bradford Hill suka danganta taba da kansar huhu a asibitocin Landan a 1950, inda cikin maza 649 masu cutar 2 kacal ne ba sa shan taba, cikin 649 marasa ita kuma 27. Sai a 1951 suka fara bin likitocin Birtaniya, aikin da aka yi shekara 50 ana yi. Ke wata huɗu gare ki.

Ɗalibin fasaha: Ke nan 42 cikin 90 na marasa zuwa awo suna kamuwa, wato kusan rabinsu? Abin da ban tsoro.

Malami mai ritaya: A'a, ɗana. Mai bincike ce ta zaɓi 60 da 120 da hannunta. Da ta ɗauki marasa cutar 600, da kason ya sauka. Shi ya sa ba a fitar da yawan kamuwa daga kes-kwantirol.

Ungozoma daga Gusau: Malam, da girmamawa, akwai abin da ka tsallake wanda mu muke gani kullum a ɗakin haihuwa. Mata da yawa a wajenmu a gida suke haihuwa. Mai jijjiga daga ƙauye ake kawo ta a sume cikin dare, ba don ta saba da asibiti ba. Wadda ta zo da ƙafarta ta haihu lafiya kuwa, galibi mai katin awo ce tun farko. Idan ta ɗauko mata 120 ɗin daga gadajenmu, masu awo za su cika su, kuma 3.5 ɗin nan zai kumbura ko da awon bai yi komai ba.

Malami mai ritaya: Wannan gaskiya ne, kuma shi ne wuri mafi wuya. Ƙa'idar ita ce, a ɗauko marasa cutar waɗanda, da a ce sun kamu, nan asibitin za a kawo su. Ni zan ce ta bi kowace mai cutar zuwa unguwarsu ta samo masu jego biyu a maƙwabta, ta kuma nemi ganin katin awo maimakon dogaro da baki, domin wadda ta sha wuya tana tuna cikinta ba kamar yadda mai lafiya take tunawa ba.

Wani da ya gama bara: Unguwa 60, wasu a ƙauyuka, da kuɗin motar wa?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Na gode muku ƙwarai. Amma Malam, a takardata akwai tambayoyi a kan abin da ya faru tun daga farkon ciki har haihuwa, don haka ina ganin akwai bin lokaci a ciki, kuma wata da ta gama kafin ni ta kira irinsa kohot an karɓa. Ba zan iya sake buga takardu ba, kuma ba na son taken sanin mata, domin ba shi ya kawo ni ba. Idan na ƙara matan suka kai 500, na bar sauran yadda yake, shin zai wuce?

Ungozoma daga Gusau: Ƙanwata, har yanzu ba ki gaya mana ko kin samu izinin kwamitin ɗa'a ba, kuma a kan wane tsari aka ba ki shi.