Wane suna za mu ba i(0⁺) da i(∞) da Hausa?

Mai koyarwa: Jama'a, salamu alaikum. Kafin a taɓa lissafin sauyin karan a kwayil bayan an danna makunni, ana fara nemo i(0⁺) da i(∞), wato karan ɗin kwayil nan take bayan dannawar da kuma wanda zai kasance in an daɗe. Na saba cewa "ƙimar farko" da "ƙimar ƙarshe", amma sunayen na ruɗa ɗalibai. Suna jin "farko" sai su rubuta sifiri. A taimaka da suna.

Ɗaliba: Malam, ashe ba sifiri ba ne kullum? Ni na ɗauka lokaci daga sifiri yake farawa.

Tsohon injiniya: Lokaci ne sifiri, 'yata, ba karan ba. Ɗauki batir mai bolt 12, a jere da rizista mai om 2, wata mai om 4, da kwayil mai henri 0.5. An bar shi ya daɗe a haka. Karan ya daina sauyawa, don haka kwayil ya zama kamar waya zalla: 12 ÷ 6, amfiya 2. Sai a rufe makunnin da ya tsallake rizista mai om 4. Nan take karan ɗin kwayil na nan a amfiya 2, domin v = L·di/dt, kuma tsalle farat ɗaya zai buƙaci bolt marar iyaka. Abin da ya tarar shi ya karɓa. Ni "gado" nake kiransa. In an daɗe kuma, 12 ÷ 2, amfiya 6. Da waɗannan biyu, da τ = L/R = daƙiƙa 0.25, amsa ta fito: i(t) = 6 − 4e^(−4t).

Mai gyaran rediyo: Gado ya zauna daram. Ke nan komai na da'irar gadonsa yake ci, har bolt.

Tsohon injiniya: A'a, nan ake faɗawa rami. Bolt ɗin kwayil ɗin nan sifiri ne kafin a rufe, ana rufewa ya haura zuwa 8, wato 12 − 2×2. Karan ɗin kwayil kaɗai ke da gado. Kuma a lura, R ɗin cikin τ na bayan rufewa ne, om 2.

Mai gyaran rediyo: Na gane. Shi ya sa rilen da na haɗa ba dayod ya ƙona mini taransista: na yanke wa karan hanya, shi kuwa ya ƙi tsayawa.

Mai koyarwa: Haka ne. Gado kam na karɓe shi hannu biyu. Saura i(∞). "Ƙarshe" na sa a zaci wuta ta ƙare. Me kuka gani game da "matabbata"?

Ɗaliba: Matabbata na tuna min lahira, Malam. "Mazauni" fa?

Tsohon injiniya: Mazauni ya fi sauƙi a baki, sai dai karan ba ya isa can cif. Bayan τ biyar saura ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tazarar. Ni "madosa" ta fi kwanta min, inda ya dosa.

Mai koyarwa: Zan gwada mazauni da madosa a aji gobe, in ga wanda ɗalibai za su riƙe.