Babban sito a Dutse ko ƙananan rumbuna a ƙauyukan fadamar Haɗejiya?

Sagir Auyo: Ni dai a ganina, tara kayan agajin ambaliya a babban sito a Dutse aikin banza ne. Ranar da ruwa ya yanke hanya, kayan suna can, mutane suna nan. A raba su ƙauye-ƙauye tun watan Yuli kawai. Wa ke da ja?

Malam Habu mai sito: Sagir, ina da ja a kan rabi. Bari mu yi lissafi da ƙauye mai gida 300, kowane gida mutum 7, wato mutum 2,100. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne abincin da zai ba mutum kalori 2,100 a rana, kuma idan ka haɗa hatsi da wake da mai da gishiri, yana kama rabin kilo ko ɗan sama da haka. Ka ga buhu 21 ke nan na kilo 50 kowace rana. Sati biyu, kusan buhu 300, rabin tirela. A kan kwalta wannan aikin yini guda ne. Amma da zarar hanya ta yanke, sai kwalekwale. Mu ce kowanne ya ɗauki buhu 10, ya yi sawu biyu a rana, kana da guda uku: kwana biyar kafin ka gama, kuma waɗannan kwalekwalen su ne ake kwashe tsofaffi da masu ciki da su. A nan gaskiyarka ce, kaya mai nauyi ya tsallaka tun ƙasa na bushe.

Inda na rabu da kai shi ne "ƙauye-ƙauye". Ƙauyen da ruwa ke yankewa sau da yawa shi ne wanda ruwa ke shiga. Ka zuba buhu 300 a ɗakin ƙasa a Guri ko Kirikasamma, katanga ta jiƙe ta zauna a kansu, ka yi asarar ɗaki da abinci a dare ɗaya.

Hajiya Rabi: Malam Habu, ku maza kuna ta ƙirga buhu. Wa zai dafa? Matar da ke zaune a ajin makaranta da yara biyar, itacenta ya jiƙe, injin niƙan garin yana cikin ruwa, ka miƙa mata tsabar masara, me za ta yi da ita? Kwana ukun farko abin da ake ci ba wuta ake buƙata: garin rogo, ƙuli-ƙuli, suga, biskit. Bayan haka shinkafa, don ba ta son niƙa. Wake ma yana cin itace sosai. Duk siton da babu tukunya, bokiti, tabarma, gidan sauro da tamfol a ciki, ni ban kira shi shiri ba.

Malam Habu mai sito: Haka ne, Hajiya, sai dai wahalar ita ce abin da ya fi sauƙin ci shi ya fi saurin lalacewa. Garin masara da ka ajiye a Yuli, cikin laimar damina, kafin Satumba ya soma ɗaci da warin fumfuna. Ƙuli-ƙuli ma mansa yana juyawa. Tsaba kuwa tana jurewa idan ta bushe da kyau, danshinta bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. Wanda ba shi da na'urar awo, ya zuba hatsin a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ya girgiza, ya bar ta ta ɗan zauna. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, kada ya shiga sito. Sannan buhu ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, ba ya jingina da bango, a bar hanyar da mutum zai zagaya ya duba. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Ɗanlami Gashuwa: To ai maganin abin a daina sakin ruwan Tiga da Challawa lokaci guda, a kuma share kachalla daga kogin. In babu ambaliya, wa ke neman sito?

Sagir Auyo: Yaya Ɗanlami, wannan wata muhawarar ce. Yau muna maganar ruwa ya riga ya zo.

Injiniya Bukar: Ina so ku dubi Maiduguri. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwan ya shigo da dare, kogin Ngadda ya raba birnin gida biyu, har Kasuwar Monday ta nutse. Wannan babban birnin jiha ne, ba ƙauye ba. Saboda haka tambayar ba birni ko ƙauye ba ce, wane gefen ruwa ne, kuma a wane tudu. Hanyar zaɓen wuri ba ta da tsada. Ka je da dagaci da sarkin ruwa, su nuna maka shatin da ruwan 2022 ya bari a jikin bango da bishiya. Sito ya zama sama da wannan shatin da aƙalla mita guda, ginin siminti, rufi ba ya yoyo. Sannan ka tambayi direbobi wace kwalbati ko gada ce ke fara tafiya duk shekara. Kowane yanki da ke bayan irin wannan wuri ya samu sito ɗaya, wanda zai ciyar da ƙauyuka biyar zuwa goma ta kwalekwale a gajeren zango. Ba ɗaya a Dutse ba, ba kuma ɗari a ƙauyuka ba.

Hajiya Rabi: Injiniya, tudun da kake nufi galibi makarantar firamare ce, kuma can mutane ke gudu. Ka cika aji biyu da buhu, mutanen su kwana ina?

Injiniya Bukar: Wannan matsala ce ta gaske, Hajiya. Buhu 300 za su cinye aji guda. Ni zan ba da ajin, wani zai ce a'a.

Nas Hadiza: Akwai abin da bai kamata a yi gardama a kansa ba. Ruwa lita 15 ake lissafa wa mutum a rana, sha da girki da tsafta. A ƙauyen da Malam Habu ya yi lissafi da shi, jarka 1,575 ke nan ta lita 20, kullum. Babu kwalekwalen da zai yi wannan jigila, ga rijiyoyi sun haɗe da masai. Amma ƙwayar tace ruwa ta kulorin mai miligiram 67 tana gyara jarka guda idan ruwan garau yake, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ya yi laka, sai a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a sa biyu. Ƙwaya biyu ga gida a rana, na ruwan sha kawai, sati biyu, 8,400 ke nan, mutum ɗaya zai ɗauka a ka. Ita da gishirin ORS da sabulu da maganin zazzaɓi, waɗannan kam a kai su kowane asibitin ƙauye, a sa a saman kanta. A nan Sagir ya yi daidai ɗari bisa ɗari, don amai da gudawa ba ya jiran a gyara gada.

Alhaji Sule: Duk kun kauce wa maganar da kowa ya sani. Mukulli a hannun wa? Mun ga yadda aka fasa ɗakunan ajiyar tallafin korona a 2020. Sito ashirin, ƙofar ɓarna ashirin. A tura wa mutane kuɗi ta waya, su sayi abin da suke so.

Malam Habu mai sito: Alhaji, kuɗi na aiki inda kasuwa ke ci. A garin da ruwa ya kewaye, mai shago ma kayansa sun ƙare, mai POS ba caji ba sabis, sai farashin mudu ya tashi. Kuɗi na da amfani kafin ruwa, lokacin da hasashen NIHSA, hukumar tarayya mai hasashen ambaliya, ya ambaci ƙaramar hukumar, mutum ya sayi abinci ya kwashe dabbobinsa, da kuma bayan hanya ta buɗe. Maganar mukulli kuwa, kwaɗo uku: ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin jami'in hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, ɗaya wurin wakiliyar mata. A liƙa adadin buhun a ƙofa, a ƙirga duk sati biyu a gaban jama'a.

Alhaji Sule: In jami'in yana Dutse ranar da hanya ta yanke fa? Ku fasa kwaɗonsa?

Injiniya Bukar: A rubuta tun farko cewa biyu cikin uku sun isa buɗewa idan ruwa ya kai alamar da aka yi a jikin gada.

Alhaji Sule: To mun koma mukulli biyu, kuma dukansu 'yan gari ɗaya. Ni har yanzu ban gamsu ba.

Sagir Auyo: In shekara ta wuce ba ambaliya, buhunan fa, Malam Habu? A sayar a Nuwamba, ko a raba?